Avensis ko Corolla a Jos: ka fara zuwa Dilimi kafin ka biya kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jos, aiki kuma kan kai ni Abuja sau biyu a wata. Wani dillali ya nuna mini Toyota Avensis ta 2005 'yar Beljiyam, injin 2.0, otomatik. Ta fi Corolla ta 2007 da na gani girma da kyau, kuma kuɗinta bai kai na Corollar ba. Ya ce mini Toyota ai Toyota ce, kayanta ko'ina akwai. Ta yaya zan tabbatar zan samu kayan gyaranta da makaniken da ya san ta a nan kafin in biya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sanya alheri a abin da za ka saya.

Na daɗe ina harkar gyaran mota a garin nan, kuma abu na farko da zan gaya maka shi ne ka manta da sunan da aka manna a bayan but. Mai shago a Dilimi, kasuwar kayan gyaran mota ta Jos, ba sunan mota yake sayarwa ba, kayan wani inji takamaimai yake sayarwa, makanike kuma injin da hannunsa ya saba da shi ya sani. Motoci biyu na iya zama Avensis, shekara ɗaya, launi ɗaya, a samu kayan ɗaya cikin minti goma, ɗayar kuma ta kwana makonni ana jiran saƙo daga Legas.

Saboda haka ka koma wurin motar, ka nemi ƙaramin allon kamfani da ke jikin ginshiƙin ƙofa ko a cikin bonet, ka ɗauki hotonsa da wayarka. Akwai layin da ke ɗauke da lambar samfurin motar. Idan ka ga ya fara da `ZZT251`, injinta `1ZZ-FE` ne mai lita 1.8. Idan `AZT250` ne, injin mai lita 2.0 ke ciki, kuma a yawancin waɗanda ake kawowa daga Turai `1AZ-FSE` ne, wanda Toyota ke kira `D-4`. Harafin da ke biye da lambar ma yana magana: `L` na nufin an ƙera ta da sitiyari a hagu, `R` kuma a dama. In ka ga `R` alhali sitiyarin yana hagu, to juya shi aka yi, kuma ni ba na shawartar kowa ya sayi irin wannan. A Ingila aka ƙera Avensis ta wannan zubi, daga 2003 zuwa 2008, don haka masu sitiyarin dama suna da yawa a cikin abin da ake lodowa. Kada kuma ka tsaya ga allon kaɗai. Ka sa a karanta maka lambar da aka buga a jikin injin kansa, domin mota mai shekara kusan ashirin tana iya kasancewa an taɓa sauya mata inji.

Dalilin da ya sa nake matsawa a kan wannan shi ne, injin `1ZZ-FE` shi ne dai ke cikin Corolla ta Amurka daga 2003 zuwa 2008, shi ne a Matrix, shi ne a Pontiac Vibe. Ka tsaya a shataletalen Farin Gada na rabin awa ka ƙirga waɗannan motoci uku, za ka gane abin da nake nufi. Kowace daga cikinsu kasuwa ce ga mai shago. Shi ya sa fulogi, kwayil, famfon ruwa, gasket da ringi na wannan inji ba sa yankewa, har ma da injin sukutum in ta kama. Avensis mai 1.8 tana cin moriyar wannan yawan, duk da cewa biren bos ɗinta, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, da wayoyinta ba ɗaya suke da na Corolla ba. Shi kuwa `1AZ-FSE` ba shi da 'yan'uwa da yawa a titunanmu. Mutane kan ruɗe saboda RAV4 ma tana da injin 2.0 mai suna `1AZ-FE`. Harafi ɗaya ne ya raba su a rubuce, amma tof silinda, fistin, nozul da duk hanyar mai daban suke.

Ga yadda bambancin yake. A injin Corolla, famfo ɗaya ne a cikin tanki, yana tura fetur da ƙarfin da bai wuce `bar` 3 da ɗan wani abu a ma'aunin matsi ba, nozul kuma na fesa shi a bakin bawul kafin ya shiga silinda. A `D-4` famfo biyu ne. Na tanki yana kawo mai zuwa wani famfo na biyu da ke zaune a saman inji, kamshaf ke tura shi, shi kuma yana ɗaga ƙarfin zuwa wajen `bar` 100, sannan nozul ya fesa fetur kai tsaye cikin silinda. Tsari ne mai kyau inda fetur yake da tsabta. Amma famfon da ke aiki da irin wannan matsi ba ya jure datti ko ruwa, kuma kai ma ka san irin man da mutum kan sha a hanya in ya matsu. Ga kuma baƙin dauɗa da ke taruwa a hanyar iska da bayan bawul, tunda fetur ba ya bi ta nan balle ya wanke. Duk waɗannan ana gyara su. Tambayar ita ce wa zai gyara, da wane kaya, kuma a kwana nawa.

Wani abokin cinikina ya taɓa kawo mini irin wannan mota bayan ta yi kwana goma sha ɗaya a wani gareji. Matsalar da ta fara da ita ita ce wuyar tashi da safe, da rashin ƙarfi in an taka ta a hawa. Makaniken farko mutum ne mai hannu, ya gyara Corolla ba adadi, sai ya bi ta da abin da ya sani. Ya canja fulogi, bai yi ba. Ya canja kwayil huɗu. Ya sauke tanki ya sa sabon famfo. Daga nan ya ce biren bos ne, aka sayo wani, aka tarar ba zai tayar da motar ba sai an haɗa shi da makulli, aka kira mai kwamfuta, aka biya shi. Mota tana nan yadda take. Da ta zo hannuna, abin da na fara yi shi ne zaro sandar gwada baƙin mai. Man ya haura alamar sama, ya tsinke, kuma warin fetur yake yi. Wannan kaɗai ya nuna mini famfon sama ya ci, yana zubar da fetur cikin inji. Muka sa kwamfuta muka duba ƙarfin mai injin na aiki, muka ga yana faɗuwa da zarar an taka totur. Ganewar ba ta ɗauki awa ɗaya ba.

Samun famfon ne aiki. Na zaga Dilimi ban samu ba. Na buga waya Apo a Abuja, wani ya ce yana da shi, da ya turo hoto sai ga na wani inji daban. Aka samo a kasuwar Ladipo ta Legas, aka sa a mota, ya iso bayan kwana uku, muka ɗaura, shi ma ya gaji. Sai da aka mayar aka turo na biyu. Kwana takwas ke nan a wurina, a kan goma sha ɗayan farko. Mutumin nan ya biya kayan da motarsa ba ta buƙata har kashi huɗu, ya biya kuɗin aike sau uku, ya sauya baƙin mai, ga kuɗin haya da ya yi ta biya na kai yara makaranta. Ragin da ya samu ranar saye ya tafi a gyara ɗaya. Har yau abin yana damuna, domin ba mai kuɗi ba ne, kuma da an ba shi shawarar kwana ɗaya kafin saye da bai shiga wannan ba.

To ga abin da za ka yi da wannan kwana ɗayan. Ka tafi Dilimi da safe, ba tare da dillalin ba, da hoton allon nan a wayarka. Kuskuren da kowa ke yi shi ne tambayar kayan yau da kullum: takalmin birki, matatar mai, fanbel. Waɗannan za ka same su na kusan kowace mota, sai ka dawo gida da kwanciyar hankalin da ba ta da tushe. Kayan da za ka tambaya su ne waɗanda in sun mutu mota ba ta motsi, kuma ba a yi musu dabara. Ga wannan Avensis, ka tambayi famfon mai na saman inji, nozul ɗinta, sansar ƙarfin mai, biren bos tare da makullinsa, giyabos, da injin gaba ɗaya. Sannan ka tambayi abin da ɗan ƙaramin karo ke lalatawa, wato fitilar gaba, bamba, madubin gefe da gilashin gaba. Ka yi irin wannan tambaya a kan Corollar, a shagunan nan dai, domin ka samu abin gwadawa.

Yadda aka amsa maka ya fi abin da aka ce muhimmanci. Ba a cewa babu a kasuwa. Za a ce maka akwai, zauna, bari yaro ya ɗauko. In yaron ya shiga ciki ya fito da kayan, wannan akwai ne na gaske. In ya fita ya zaga layin ya dawo da shi bayan minti ashirin, akwai shi a kasuwar amma a hannun mutum ɗaya ko biyu, kuma su za su yanka maka farashi. In kuwa aka fara buga waya, aka ce ka ajiye kuɗi jibi zai iso, to kayan ba ya Jos, yana Ladipo ko Nnewi ko Ƙofar Ruwa a Kano. Ka shiga shago uku aƙalla waɗanda ba jere suke ba, ka nemi ka riƙe kayan a hannunka, ka duba lambar da ke jikinsa. Lambar kayan Toyota yawanci gida biyar ce, sai ɗan layi, sai wasu biyar. Wanda ya tambaye ka lambar ko ya ce ka kawo tsohon a gwada, ya san sana'arsa. Wanda ya ce duk ɗaya ne, ka yi masa sallama.

Ka kuma tambayi hawa nawa kayan yake da shi. Kayan Corolla za ka samu sabo na asali, ka samu ɗan Beljiyam, ka samu sabo na wasu kamfanoni daga mai kyau har mai arha, sai ka zaɓa daidai aljihunka. Famfon `D-4` kuwa kusan ɗan Beljiyam kaɗai za ka samu, wanda aka ciro daga motar da ita ma ta tsufa, kuma ba a gane lafiyarsa da ido sai an ɗaura. Shi ya sa dole ka ji daga bakin mai shago: in na ɗaura bai yi ba, kwana nawa ka ba ni in dawo da shi, kuma canji za ka yi mini ko kuɗi? Mai kaya guda ɗaya tak ba shi da abin da zai canja maka da shi, komai kirkinsa.

Kayan jiki suna da tasu matsalar. Ba a sayar da Avensis a Amurka ba, don haka duk abin da ya shafi jikinta daga Turai yake zuwa, kuma wani kaso daga Ingila. Fitilar motar Ingila tana karkata haske zuwa hagu, in ka sa ta a nan sai ta riƙa haska idon mai tahowa. Rak ɗin sitiyari na mai hannun dama ba ya shiga mai hannun hagu. An kuma sauya fuskar motar a 2006, saboda haka in za ka sayi fitila ko bamba sai ka faɗi ko ta kafin sauyin ce ko ta baya. Ƙafar baya ma ka sa ta a lissafi. Ta Corolla ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin biyu, bushin kaɗan ne a jiki. Ta Avensis hannuwa ne da yawa, kowanne da bushinsa. Shi ne sirrin laushinta a kan hanya, shi ne kuma abin da ramukan hanya ke fara ci.

Da rana sai ka wuce Farin Gada wurin makanikai. Kafin ka yi magana da kowa, ka zaga ka duba. Irin motar da kake so guda nawa ce a wurin, kuma a wane hali? Wadda bonet ɗinta ke buɗe ana aiki a kanta alama ce mai kyau. Wadda ƙura ta rufe, tayoyi sun sace, ciyawa ta fito a ƙarƙashinta, ka tambayi abin da take jira. Yaran gareji za su gaya maka gaskiya ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

In ka zo wurin ogan, kada ka tambaye shi ko ya iya Avensis. Ba makaniken da zai ce bai iya ba, kuma ba ƙarya yake nufi ba, yana ganin in ya buɗe zai gane. Ka yi masa tambayar da amsarta ke nuna ko ya taɓa buɗewa. Ka ce, Oga, famfon mai nawa ne a wannan injin? In ya ce biyu, ya nuna maka inda na saman yake, kun fara. Ka tambaye shi yadda yake gwada ƙarfin mai. Wanda ya ce yana zare tiyo ya ga yadda mai ke feshi, wannan gwajin famfon tanki ne kawai, kuma kwance bututun ƙarfe na ɓangaren matsi injin na aiki haɗari ne. Amsar da kake nema ita ce yana karantawa a kwamfuta. Ka ce ya nuna maka kwamfutar. Akwai ƙaramar da ba ta wuce karanto lamba irin `P0171` ta goge ba, akwai kuma wadda ke nuna abin da sansoshi ke faɗa injin na tafiya, irin `Techstream` ta Toyota ko manyan na'urorin da ke shiga kowane sashe. Lambar `P0171` cewa kawai take yi iska ta yi wa mai yawa, ba ta ce ga abin da ya lalace ba. Makaniken da ke sayen kaya da zarar ya ga lamba, da kuɗinka zai koyi aikin. Ka tambaye shi man giyar da zai zuba, amsa ita ce `T-IV`, ba wai kowane jan mai ba. Ka tambaye shi wane rewaya yake aiki da shi, domin rabin ciwon irin wannan mota na waya ne.

Akwai tambaya ɗaya da nake so ka yi wa duk wanda zai riƙe maka mota a Jos, ko Corolla ce: in mota tana zafi, me kake fara yi? In ya ce zai cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye, kada ka ba shi. Wannan al'ada ta yi mana yawa, ana cewa wai don ƙasar sanyi aka sa shi. Jos tana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, kuma ka san yadda asubar Disamba da Janairu take. Injin da aka cire wa tamostat ba ya kai zafin aikinsa da wuri, biren bos na ganin har yanzu da sanyi sai ya yi ta ƙara mai. Shan mai ya ƙaru, fulogi ya yi baƙi, dauɗa ta taru, wanda a `D-4` ƙari ne a kan ciwon da yake da shi tun asali. Zafin gaske kuma ba a yi maganinsa ba, domin yawanci daga lagireto da ya toshe ne, ko murfinsa, ko famfon ruwa. Injinan gidan `AZ` na wancan lokaci an san su da sakin zaren kusoshin tof silinda a cikin bulok, musamman bayan sun yi zafi, kuma gyaran wannan ba na kowane gareji ba ne.

Tunda kana bin hanyar Abuja, ka yi tunanin inda motar za ta iya tsayawa, ba inda kake kwana kaɗai ba. A Abuja akwai Apo da Zuba, za ka samu mai kwamfuta da kaya fiye da nan. Amma tsakanin Keffi, Akwanga da Hawan Kibo fa? Hawan nan shi ne inda raunin famfon mai da na lagireto ke fitowa fili in kana dawowa. Corolla ta tsaya a Akwanga, da wuya a rasa wanda zai sa mata kwayil ko famfo ka ƙarasa gida a ranar. Avensis mai `D-4` ta tsaya a nan, mafi yawan lokaci sai dai janwe.

Kada ka ɗauka ina cewa Corolla ba ta da aibi. Injin `1ZZ-FE` na shekarun farko an san shi da shan baƙin mai saboda ringi, kuma yawan motar ya sa jabun kayanta sun fi na kowace yawa, har da kwalin da aka buga wa tambarin kamfani. Tsadarta ma ba banza ba, kana biyan kuɗin sauƙin gyara da sauƙin sayarwa ne tun a farko. Arhar waccan kuma kasuwa ce ta riga ta cire kuɗin wahalar da ke gaba, kuma ranar da ka tashi sayarwa kai ma za a cire maka.

In ni ne kai, kuma girma da laushin Avensis ne suka shiga raina, zan ce wa dillalin ya nemo mini mai `ZZT251`, sitiyarin hagu na asali. Ka samu jikin da kake so da injin da Dilimi ta sani, abin da ya rage maka sai kayan jiki da ƙafar baya, waɗanda ba sa hana mota tafiya ana jiransu. In bai samu ba, ka ɗauki Corollar. Wannan mai 2.0 kuwa sai in ka ga famfonta da nozul ɗinta da idonka a shago biyu, ka kuma samu makaniken da ya amsa tambayar famfo biyu ba tare da ya yi jim ba.

Ko wacce ka tsayar, ka ce a bar ta ta kwana ba a tayar ba, ka zo da makanikenka da sassafe, ka taɓa injin ka ji da sanyi kafin a murza makulli. Ku zaro sandar baƙin mai ku shinshina, ku duba ko fitilar `CHECK ENGINE` tana kamawa in an kunna makulli ta kuma mutu bayan tashi, domin wasu kan cire ƙwan don ɓoye matsala. Ku sa kwamfuta, sannan ku hau da ita wani tudu da mutum huɗu a ciki, na'urar sanyi a kunne, idonka a kan allurar zafi. Kuɗin makaniken na wannan safiya kai za ka biya, ba dillali ba, don ya zama kai yake yi wa aiki.